Tambayoyin matsanancin ciwon ciki a jarrabawa: ta ina ake kama su?

*Likita, ina shekarar ƙarshe a karatun likitanci. Na haddace cututtukan kowane sashe na ciki, amma da an ce "mene ne mataki na gaba" sai in ga duk zaɓin daidai ne, in ɗauki hoton siti, in faɗi. Yaya zan riƙa kama irin waɗannan tambayoyi, kuma wane gwaji ne ke gaba da wane?*

Ƙanena, idonka bai yi maka ƙarya ba. Yawancin zaɓin daidai ne, kuma da gangan aka jera su haka. Wanda ya tsara tambayar ya san wataƙila za a yi wa marar lafiyar nan siti, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, kafin gari ya waye. So yake ya ga ko ka san abin da ake yi a minti goma na farko, da abin da zai iya jira.

Saboda haka kafin ka damu da inda ciwon yake, fara neman lambobi uku a cikin labarin: bugun zuciya, awon jini, da yanayin hayyacin mutum. Idan bugun zuciya ya haura 120, awon jini na sama ya sauka ƙasa da 90, hannu ya yi sanyi, mutum ya fara ruɗewa, to tambayar ta tashi daga neman sunan cuta ta koma ceton rai. Amsar tana cikin manyan kanula biyu, ƙarin ruwa, ɗibar jini don a haɗa masa wanda za a ƙara, da kiran masu tiyata. Wanda jininsa ke faɗuwa ba a tura shi ɗakin hoto, domin can ne wurin da ya fi wuyar farfaɗo da mutum idan ya yanke jiki. Ka kuma kula da matasa. Saurayi ko budurwa mai ƙarfin jiki na iya riƙe awon jininsa daidai har sai ya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jinin jikinsa, don haka bugun zuciya 118 tare da awon jini 110 bisa 70 bai isa ya kwantar maka da hankali ba. Ni idan na ga bugun zuciya ya fi lambar sama ta awon jini yawa, nakan ɗauki mutumin a matsayin wanda ke gab da faɗuwa har sai an nuna mini akasin haka.

Abu na biyu, karanta layin ƙarshe na tambayar da kyau, har ma kafin ka karanta labarin. "Gwajin farko" daban, "mataki na gaba da ya fi dacewa" daban, "gwajin da zai tabbatar da cutar" daban. Labari ɗaya na iya ba da amsa uku gwargwadon wannan layin. Siti yakan ci tambaya ta uku, amma da wuya ya ci ta farko.

Yanzu sashen ciki. Jerin da ka haddace yana da amfani, sai dai zai fi zama maka a kai idan ka san dalilin da ya sa ciwo ke bayyana inda yake bayyana. Kayan ciki ba su iya nuna wuri da yatsa ba. Jijiyoyinsu suna kai saƙo ne bisa yadda hanji ya samo asali tun mutum yana tayi, shi ya sa ciwon farko kan zo a tsakiyar ciki, a dunƙule. Tumbi, hanta, maɗaciya, fankiriyas da farkon ƙaramin hanji suna kuka ne a ƙahon zuci. Ragowar ƙaramin hanji, afendiks, da babban hanji har zuwa kashi biyu cikin uku na sashensa da ya gitta ciki suna kuka a cibiya. Ƙarshen babban hanji kuma a mara. Sai kumburi ya fito ya taɓa tantanin da ke shimfiɗe a bangon ciki, wanda jijiyoyinsa irin na fata ne, sannan mutum zai iya ɗora yatsa ɗaya ya ce nan ne. Wannan shi ne sirrin ƙaurar ciwon afendiks daga cibiya zuwa ƙasan dama, kuma shi ya sa idan labari ya ce ciwo ya tashi daga wani wuri ya koma wani, ya ba ka bayani biyu ne: wurin farko ya faɗa maka asalin gaɓar, na biyu ya faɗa maka inda take kwance. Haka ciwon kan kafaɗa. Jini ko iska ko mugunya idan suka taɓa ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kafaɗa ce ke amsawa, domin jijiyarsu ɗaya ce daga wuya.

Bari mu zauna a ƙasan dama, don nan ne aka fi kafa tarko, kuma wanda ya iya wannan sashen ya iya salon tunanin gaba ɗaya.

Ga tambaya irin wadda nake tsara wa ɗalibaina. Mace ce mai shekara 24, ta zo da ciwon ƙasan ciki ta dama tun awa goma da suka wuce, tana jin tashin zuciya. Zafin jikinta 37.4, bugun zuciya 96, awon jini 112 bisa 70. Ana danna wurin tana jin zafi. Ba a ce komai ba game da al'adarta. Zaɓi biyar: siti na ciki, sikanin, ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin fitsari na gano juna biyu, ko shiga tiyata. Mene ne mataki na gaba?

Gwajin ciki ne. Ba ya cin minti biyar, ba ya cutar da kowa, kuma shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin da sakamakonsa ke sauya ma'anar sauran huɗun. Shirun da aka yi game da al'ada shi ne tarkon. Ko da an ce ta ga al'adarta mako biyu da suka wuce, ko tana shan maganin hana ɗaukar ciki, ko ta ce ba ta da aure, amsar ba ta canja ba, domin ɗigon jinin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan yi kama da al'ada, kuma ba kowace mace ce za ta iya faɗin komai a gaban wanda ya rako ta ba. Duk macen da ke cikin shekarun haihuwa, in ta zo da ciwon ciki, ana yi mata wannan gwajin kafin a haska mata wani hoto.

To a ce gwajin ya nuna akwai ciki, ita kuma tana nan daram yadda aka kwatanta. Mataki na gaba shi ne sikanin ta farji, tare da auna yawan sinadarin ciki a cikin jini. Idan adadin ya wuce wajen 1,500 zuwa 2,000 amma mahaifa wayam, babu jakar ciki, zargin ciki a bututun mahaifa ya yi ƙarfi sosai. Idan adadin bai kai ba kuma ba a ga komai ba, ana maimaita awon bayan awa 48 a ga yadda yake tafiya, muddin tana cikin ƙoshin hayyacinta kuma ana sa mata ido.

Yanzu sauya lambobi kawai. Gwajin ya nuna ciki, bugun zuciya 128, awon jini 84 bisa 50, ta yi fari fat, tana cewa kafaɗarta na ciwo, ta suma sau ɗaya a hanya. Nan sikanin ta farji ya zama amsar da ba daidai ba, duk da cewa minti ɗaya da ya wuce shi ne daidai. Bututu ya fashe, jini na zuba a ciki. A sa kanula, a haɗa jini, a wuce tiyata. Idan akwai ƙaramar na'urar sikanin a gefen gado, ɗora ta na daƙiƙa talatin a ga ruwa kwance a ciki ba laifi ba ne, amma ba a jiran ta.

Sai mu koma, a ce babu ciki. An ƙara maka cewa ciwon ya faro ne daga cibiya jiya da yamma, ta ƙi abinci, amai ya biyo bayan ciwon, zafin jiki ya hau 37.9, fararen ƙwayoyin jini 14,000. Zafin ya fi tsanani a wurin da Charles McBurney ya kwatanta a 1889, wato kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin tsinin ƙashin ƙugu na gaba da cibiya, in an faro daga ƙashin. Wannan afendiks ne har sai an ga wani abu daban. Ka riƙe jerin yadda alamun ke zuwa, ciwo tukuna sannan amai sannan zazzaɓi marar tsanani. Idan amai da gudawa suka riga ciwo, ko zazzaɓi ya kai 39.5 tun awannin farko, sai ka sake tunani, ko dai wata cuta ce ko kuma afendiks ɗin ya riga ya fashe. Ma'aunin Alvarado na 1986 yana tattara waɗannan alamu ne a maki goma, inda zafin ƙasan dama da hauhawar fararen ƙwayoyin jini ke da maki bibbiyu. Bakwai zuwa sama zargi ya yi ƙarfi, ƙasa da biyar ya yi rauni. A ganina amfaninsa ya fi yawa wajen sanin wanda ba shi da cutar, kuma a wurin mata matasa yakan zuzuta zargi, domin cututtukan gidan ƙwai da bututun mahaifa suna cin maki iri ɗaya.

Shi ya sa a wannan matar hoton farko sikanin ne. Ba ya da tururin da ke cutarwa, kuma yana duba gidan ƙwai a lokaci guda. Afendiks mai kauri fiye da milimita 6 wanda ba ya lotsawa idan an danna shi, ya tabbatar. Amma in mai hoton ya rubuta cewa bai ga afendiks ba, ma'anarsa bai gan shi ba ne kawai, ba wai lafiya yake ba. Daga nan ne siti ke shigowa, ko kuma a leƙa cikin da kyamara a tiyata idan zargin ya yi yawa. Da mai ciki ce da ake zargin afendiks, bayan sikanin sai hoton maganaɗisu, wato em-ar-ai. Da tsoho ne mai shekara 70, siti kai tsaye, domin a wannan shekarun ciwon dajin farkon babban hanji na iya fakewa a bayan abin da ya yi kama da afendiks. Da saurayi ne mai shekara 19 da cikakken labari irin na littafi, tsofaffin tambayoyi za su ce a wuce tiyata ba hoto, sababbi da yawa za su so a yi hoto tukuna. Duba zaɓin da aka ba ka da kuma ƙa'idar da hukumar jarrabawarka ke bi.

Akwai sauran fuskoki biyu na wannan matar. Idan ciwon ya sauko mata farat ɗaya kamar an soka wuƙa, da amai mai yawa, kuma an taɓa ce mata tana da ƙullutu a gidan ƙwai, to murɗewar gidan ƙwai ce. Sikanin na taimakawa, amma ganin jini na gudana a hoton bai kore ta ba, kuma maganin tiyata ce ta gaggawa don a ceci gidan ƙwan. Idan kuwa ciwon na ɓangare biyu ne, kwana da kwanaki, da fitar ruwa mai wari da zafi idan an motsa bakin mahaifa, sanyin mara ne da ya hau sama, a ɗauki samfur a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da jiran sakamako ba.

Ƙaramin tarko guda kafin mu bar nan: ganin 'yan fararen ƙwayoyin jini ko ɗan jini a fitsari bai mayar da ciwon na mafitsara ba. Afendiks da ya kumbura yana kwance kusa da bututun fitsari, yana iya jawo hakan. Kuma duk yaro ko saurayin da ya zo da ciwon mara, a duba marainansa. Ɗa mai shekara 14 na iya nuna maka mara saboda kunya alhali ƙwan marainansa ne ya murɗe, kuma awa shida ne kusan duk abin da kake da shi. Idan alamun sun bayyana, amsar tiyata ce, sikanin ɓata lokaci ne.

Ƙahon zuci shi ne sashe na biyu da nake so ka ba lokaci, saboda abubuwa uku masu kisa suna haɗuwa a nan kuma gwajinsu na farko duk masu sauƙi ne. Mutum mai shekara 58, mai ciwon suga, ya zo da ciwon ƙahon zuci da gumi da amai. Kafin ka taɓa batun olsa, a yi masa isiji, awon lantarkin zuciya. Toshewar jijiyar ƙasan zuciya takan zo da wannan kamar, musamman ga masu suga da tsofaffi da mata. A ɗiga jininsa a na'urar suga kuma, domin suga da ya hau ya zuba guba a jini shi kansa yana kawo ciwon ciki mai tsanani, kuma irin wannan insulin da ruwa yake bukata, wuƙa ba ta da aiki a kansa.

Idan labarin ya ce mutum ya daɗe yana shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen ko dikulofenak, ciwo ya faɗo masa a lokaci ɗaya har yana iya faɗin ƙarfe nawa ne, ciki ya ƙage kamar katako, yana kwance ba ya son ko motsi, to olsa ce ta huje. Gwajin farko hoton ƙirji ne na eksire, a tsaye ko a zaune, bayan ya yi kamar minti goma a haka don iskar ta samu ta hau ƙarƙashin tantanin ƙirji. Ka lura, hoton ƙirji aka ce, ba na ciki ba. Idan an ga iska kuma cikin ya ƙage, ba sauran hoton da ake jira a yawancin tambayoyi: ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, bututu ta hanci, tiyata. Idan ba a ga iska ba, ba a wanke shi ba, don a cikin kowane mutum huɗu ko biyar da olsarsu ta huje akwai wanda hotonsa ba zai nuna ba. Nan siti ya zama daidai. Abin da ba a yi shi ne zura kyamara ta baki ko ba shi bariyom, ruwan da ake sha don hanji ya fito a hoto, alhali ana zargin huji.

Na uku kumburin fankiriyas. Ciwon na ratsawa zuwa baya, mutum na samun sauƙi in ya zauna ya duƙa gaba, kuma akwai tarihin tsakuwar maɗaciya ko shan giya. Ƙa'idar Atlanta da aka sabunta a 2012 ta ce biyu cikin uku sun isa: irin wannan ciwon, sinadarin fankiriyas a jini, wato laifes ko amiles, da ya ninka iyakar lafiya sau uku, ko hoto da ya nuna. Ka ga ke nan in ciwo da gwajin jini sun haɗu, ba ka bukatar siti don sanya wa cutar suna. Siti na ranar farko yakan raina ɓarnar ma, sai bayan awa 72 zuwa 96 yake nuna naman da ya mutu sosai. Hoton da ake so da wuri sikanin ne, don neman tsakuwar da ta jawo abin. Amiles da ya ɗan hau, bai kai ninki uku ba, kada ya ruɗe ka: hujin olsa, mutuwar hanji da fashewar ciki a bututu duk suna ɗaga shi. Wanda kuma ya zo bayan kwana biyar, amiles ɗinsa na iya komawa daidai alhali laifes na nan sama.

Saman dama ba shi da wuya in ka ɗauke shi a matsayin tsakuwa ɗaya da ke tsayawa a wurare daban-daban. Ciwo bayan cin abu mai maiƙo, ya yi 'yan awanni ya tafi, ba zazzaɓi, jini lafiya: tsakuwar ta toshe bakin maɗaciya ta saki. Ciwon ya zauna fiye da awa shida, da zazzaɓi, numfashi na katsewa in an danna ƙarƙashin haƙarƙari, wato alamar Murphy: maɗaciya ta kumbura. Ciwo da zazzaɓi mai karkarwa da shawara, ukun nan na Charcot: tsakuwar ta sauka babban bututu kuma ƙwayoyin cuta sun taru a bayanta. A duka ukun hoton farko sikanin ne, ana duba tsakuwa, bangon maɗaciya da ya wuce milimita 3, da bututun da ya buɗe fiye da milimita 6. Bambancin yana a na ukun. In an ƙara da faɗuwar jini da ruɗewa, bayan ruwa da magani abin da zai cece shi shi ne a zura na'ura ta baki a buɗe bututun mugunyar ta fita, cire maɗaciya ya biyo baya. Kuma in an ambaci tari da saurin numfashi, saurari ƙasan huhun dama, nimoniya kan yi shigar ciwon ciki, musamman a yara.

Ƙasan hagu a babba mai zazzaɓi, mafi yawa kumburin 'yan aljihunan bangon babban hanji ne. Siti ne gwajinsa, kuma ba a zura kyamara ta dubura sai bayan mako shida zuwa takwas.

Kwiɓi kuwa, a nan zan ba ka abin da na gani da idona. Ina ƙaramin likita aka kawo wani dattijo mai shekara kusan 70 cikin dare, da ciwon kwiɓin hagu mai sauka zuwa matsematsi. Fitsarinsa ya nuna ɗan jini. Takardar da ya zo da ita an riga an rubuta tsakuwar ƙoda, an yi masa allura, ciwon ya ɗan lafa. Abin da ya tsayar da babbar likitar da nake ƙarƙashinta shi ne rigarsa da ta jiƙe sharkaf da gumi a ɗaki mai sanyi, da kuma cewa bai taɓa yin tsakuwa ba a rayuwarsa. Ta ɗora tafukanta biyu a saman cibiyarsa, ta kama hannuna ta sa a wurin. Wani abu ne ke bugawa yana ture yatsuna gefe da gefe. Babbar jijiyar jinin ciki ce ta kumbura ta fara tsagewa. Har yau ina jin wannan bugun a hannuna duk lokacin da aka ce mini tsoho ya zo da tsakuwar ƙoda karon farko. A jarrabawa haka yake: namiji da ya haura 60, mai shan taba, mai hawan jini, ciwon baya ko kwiɓi, ka fara kore wannan. Idan jininsa na tsaye, siti mai bin jijiyoyin jini. Idan yana faɗuwa, tiyata, kuma ba a ɗura masa ruwa don a mayar da awon jininsa daidai, domin hakan na iya ɓalle gudan jinin da ke toshe tsagar. Muddin yana magana yana gane mutane, ana haƙuri da ɗan ƙarancin. Tsakuwar ƙoda ta gaskiya, a matashin da ke birgima ya kasa samun wurin kwanciya, siti marar allurar rini ne gwajinta, sai mai ciki da yaro da ake fara wa da sikanin.

Saura ciwon da ba shi da sashe, ya game ciki duka. Idan yana murɗawa yana saki, da amai, kumburin ciki, ba bayan gida ba tusa, toshewar hanji ce. Nemi tabon tsohuwar tiyata, don mannewar hanji bayan aiki ita ce kan gaba a ƙaramin hanji, sannan ka duba matsematsi. Tsohuwa siririya da ba a taɓa yi wa aiki ba, ƙaba ce 'yar ƙarama a saman cinya ta shaƙe hanji, kuma ba za a gan ta ba sai an yaye zane an duba. A eksire na ciki ka riƙe 3, 6, 9: santimita 3 iyakar faɗin ƙaramin hanji, 6 babban hanji, 9 farkon babban hanji. Siti ne ke nuna inda toshewar take da dalilinta. Matakin farko dai hana ci da sha, bututu ta hanci, ƙarin ruwa da gyaran gishirin jini. Ranar da ciwon ya daina saki ya zama na dindindin, zazzaɓi ya shigo, bugun zuciya ya hau, hanjin ya fara mutuwa ke nan, jira ya ƙare.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsohon da ke ihu saboda ciwo amma ka taɓa cikinsa ka ji shi laushi. Idan an ce bugun zuciyarsa ba ya tafiya a kan tsari, gudan jini ne ya taso daga zuciya ya toshe jijiyar da ke ciyar da hanji. Ɗalibai kan zaɓi awon sinadarin laktet a jini a matsayin gwajin da zai tabbatar, amma laktet yakan makara, yana iya zama daidai a awannin da hanjin ke da sauran ceto. Eksire ma ba zai nuna komai ba da wuri. Amsar siti ce mai bin jijiyoyin jini, nan take. A wannan tambayar, zaɓin da ka saba ɗauka shi ne daidai, kuma dalilin shi ne babu wani gwaji mai sauƙi da zai iya tsayawa a madadinsa.

Tsofaffi gaba ɗaya, da masu shan magungunan sitiroyid, da masu raunin garkuwar jiki, cikinsu na iya zama da laushi, ba zazzaɓi, fararen ƙwayoyin jini daidai, alhali hanji ya huje. A wurinsu ana saurin zuwa siti fiye da yadda za a yi wa matashi.

Wani zaɓi da za ka riƙa gani shi ne a hana maganin ciwo har sai likitan tiyata ya zo ya duba. Tsohuwar koyarwa ce, an gwada an ga ba da mofin ba ya ɓata ganewar cuta. Kada ka zaɓe shi a takarda, kada kuma ka yi shi a bakin gado. Mutumin da ciwo ya ɗan sake shi ya fi iya ba ka labari, ya fi kuma bari ka taɓa cikinsa.

Wajen bita, ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Ɗauki tambaya ɗaya da ka riga ka amsa, rufe zaɓin da hannu, ka faɗi amsarka da baki kafin ka duba. Sannan ka sauya abu ɗaya tak a labarin, shekaru, ko jinsi, ko awon jini, ko layin ƙarshe, ka sake amsawa, kamar yadda muka juya matar nan mai shekara 24 har sau biyar. Fara da ita yau da dare: mayar da ita mai shekara 8, ka rubuta gwajin da za ka fara da shi da wanda za ka bari sai an rasa mafita.